Tambayar da Ake Jin Tsoron Yi

Bayan sallar isha'i ne ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida ina shan iska. Yana aji biyu a jami'a, yaro ne mai natsuwa, ya sauke tun bai gama sakandare ba. Ya daɗe tsugune yana tonon ƙasa da tsinke kafin ya buɗe baki. "Kawu, ina jin na kafirta." Na tambaye shi me ya aikata. Ya ce bai aikata komai ba, yana sallarsa yana azuminsa, amma wata biyar ke nan wata tambaya ta hana shi sakat, kuma duk wanda ya yi niyyar tunkara da ita sai ya ji tsoron kallon da za a yi masa daga baya.

Ban firgita ba, domin ni ma na bi wannan hanyar. Ina ɗan shekara goma sha bakwai na taɓa ɗaga hannu a makarantar dare na yi wata tambaya kan ƙaddara. Malamin ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kai, wa yake hure maka kunne?" Aka fashe da dariya. Daga ranar na kama bakina, amma tambayar ba ta kama nata ba. Ta koma ciki ta yi shekaru tana cina kamar gara.

Abin da na koya daga baya, wanda kuma na fara gaya wa yaron nan, shi ne kalmar "shakka" buhu ce da muke zuba abubuwa daban-daban a cikinta. Akwai waswasi, akwai tambaya ta ilimi wadda malamai ke kira shubuha, akwai kuma ciwon zuciya da ya sanya rigar tambaya. Maganin ɗaya guba ne ga ɗayan. Yawancin ɓarnar da ake yi wa matasa a wannan fage daga nan take: a ba mai tambaya maganin mai waswasi, a ce masa ya yi a'uziyya ya yi shiru, ko a ba mai waswasi maganin mai tambaya, a tula masa littattafai ya ƙara nutsewa.

Waswasi shi ne tunanin da ke faɗo wa mutum ba da gayyatarsa ba, kuma yana ƙinsa. Mutum yana cikin sujada sai wata mummunar kalma game da Ubangiji ta gilma a ransa, gabansa ya faɗi. Wannan ba sabon abu ba ne. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun je wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka koka cewa suna jin wasu abubuwa a zukatansu da ba za su iya furtawa ba saboda nauyinsu. Bai tsawata musu ba. Ya shaida musu cewa wannan shi ne tsantsar imani, kuma malamai sun bayyana cewa abin da ake nufi shi ne ƙyamar da suka ji da tsoron furtawar. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da rai ke raya mata muddin ba ta aikata ko ta furta ba. Ke nan wanda tunanin ya dama har ya kasa barci, damuwar ce shaidarsa.

Yaya ake gane shi? Hanya mafi sauƙi ita ce a duba abin da amsa ke yi masa. Mai waswasi in ka ba shi amsa zai samu sauƙi na awa ɗaya ko kwana ɗaya, sannan abin ya dawo da wata fuska. Yau yana tsoron ya yi ridda da wata kalma da ta suɓuce masa, gobe yana maimaita kalmar shahada sau hamsin don ya tabbatar, jibi yana tambayar malami na huɗu abin da uku suka riga suka amsa. Amsar ba ta isa inda ciwon yake, domin ba rashin sani ne matsalar ba.

Abin mamaki, maganin wannan yana cikin ƙananan littattafan da muka karanta a zaure muka wuce ba mu lura ba. Ahalari da Risala duk sun yi maganar wanda kokwanto ya aure shi a salla, wanda malaman Malikiyya ke kira mustankihi, wato wanda kusan kullum sai shakka ta zo masa kan adadin raka'o'insa. Hukuncin mai shakka na yau da kullum shi ne ya yi gini a kan abin da ya tabbatar, ya kawo abin da yake kokwanto. Amma shi wannan an ce ya yi watsi da shakkar, kada ya kawo komai, ya yi ba'adiyya kawai ya tashi. Malaman fiƙihu sun gane cewa biye wa irin wannan shakka ciyar da ita ne. Haka abin yake a aƙida. Hadisin da ya yi maganar Shaiɗan yana jan mutum daga wa ya halicci wannan zuwa wa ya halicci wancan har ya kai ga Ubangiji, umarnin da ya bayar shi ne a nemi tsari a tsaya. Tsayawar nan ita ce maganin: kada ka yi gardama da tunanin, kada ka sake shahada don ka kwantar da shi, ka bar shi ya wuce ka ci gaba da abin da kake yi.

Sai dai akwai iyaka. Idan abin ya kai mutum yana shafe awa guda a wurin alwala, ko yana sake salla ɗaya sau biyar, ko ya daina zuwa aji ko kasuwa saboda tunanin, to ya zama lalura da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani sarai kuma suke da maganinta, ta hanyar horar da mutum ya jure wa tunanin ba tare da ya biye masa ba, wani lokaci har da ƙwayoyi. Akwai asibitocin wannan fanni a Kaduna da Dawanau a Kano da Kware kusa da Sakkwato. Zuwa wurinsu ba raunin tawakkali ba ne, kuma ba ya hana addu'a.

Na ɗan yayata ba waswasi ba ne. Na gane haka ne da na ce ya faɗa mini tambayar a jimla ɗaya, ya kuwa iya. Ya ce abokin ɗakinsa Kirista ne daga kudu, mutumin kirki, mai ibada, kuma yana da yaƙini kan addininsa daidai da nasa. "Kawu, da a gidansu aka haife ni, da ni ma abin da yake yi nake yi. To ta yaya zan san ba gado kawai nake bi ba?"

Na yi murmushi, har ya ɗan ji haushi. Na ce masa ba shi nake wa dariya ba, daɗi na ji cewa ya faɗa ramin da babban mutum ya riga shi faɗawa. Imamu Gazali, wanda aka haifa a Ɗus ta ƙasar Farisa a 1058, ya rubuta a littafinsa Al-Munƙiz minad Dalal cewa tun yana matashi ya lura 'ya'yan Kiristoci a kan Kiristanci suke tashi, 'ya'yan Yahudawa a kan Yahudanci, 'ya'yan Musulmi a kan Musulunci, kuma wannan lura ce ta kwance masa igiyar bin abin da ya gada ido rufe. Bai tsaya nan ba. Ya bi diddigin yaƙini har ya tuhumi idonsa, tunda ido yana nuna inuwa a tsaye alhali tafiya take, yana nuna tauraro ɗan mitsitsi alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Daga nan ya tuhumi hankalinsa ma. Ya ce ya yi kusan wata biyu a wannan hali, ko da yake bai fito ya ɗauke shi a matsayin mazhaba ba. Wannan mutumin shi ne aka naɗa babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1091, ɗalibai ɗari uku suna zaune gabansa, shi ne kuma ya rubuta Ihya'u da ake karantawa a zaurukanmu har yau. Kuma da hannunsa ya rubuta labarin shakkarsa, bai bar wa maƙiyansa su tona ba.

Akwai wata magana tasa da nake ganin iyaye da malamai sun fi matasan bukatar ji. Ya nuna cewa wanda ya farga cewa kwaikwayo yake yi ba zai iya komawa kwaikwayon ba, kamar gilashin da ya fashe, ba a ɗinke shi, sai dai a narkar a sake ƙerawa. Saboda haka ce wa yaro "ka manta da wannan tunanin, ka koma yadda kake da" umarni ne da ba zai iya bi ba ko yana so. Hanyar gaba take.

Washegari muka zauna da takarda da biro. Na ce ya rubuta tambayar, sannan mu fasa ta kamar goro mu ga ɓari nawa ne a ciki. Rubutawa tana da amfani sosai, domin tambayar da ke cikin kai da tsakar dare dodo ce, a kan takarda kuwa layi biyu ce. Muka tarar tambayoyi uku ne suka cuɗe.

Ta farko: shin gadon abu yana nuna ƙarya ne? Wannan ba ta ɗauke mu minti goma ba. Na tambaye shi wa ya gaya masa duniya tana zagaya rana. Ya ce malamin firamare. Na ce da an haife shi shekara dubu da suka wuce da akasin haka zai yarda, shin wannan ya sa abin da ya sani yanzu ƙarya ne? Hanyar da magana ta iso gare ka daban, gaskiyarta ko ƙaryarta daban. Kuma sandar tana dukan kowa: wanda aka haifa a gidan da ba a yarda da Allah ba, shi ma gadon rashin yardar ya yi. Abin da wannan lura ke tabbatarwa kawai shi ne gado shi kaɗai ba hujja ba ne, bai ce abin da aka gada ba shi da hujja ba.

Ta biyu ita ce ainihin mai zafin, kuma sai da muka tona muka same ta. Ba kansa yake ji ba, abokinsa yake ji. Yana son yaron, kuma ya kasa haɗa adalcin Allah da abin da yake ji a wasu wa'azozi, inda ake raba wa mutane masauki a lahira kamar mai wa'azin ne ke riƙe da mabuɗi. A nan na nuna masa cewa malaman Musulunci sun daɗe da wannan mas'ala. Aya ta 15 a Suratul Isra'i ta kafa ƙa'idar cewa babu azaba sai bayan an aiko manzo, kuma a kanta malamai suka gina dogon bahasi game da waɗanda saƙo bai isa gare su ba. Gazali ɗin nan, a wani littafinsa mai suna Faisalut Tafriƙa, ya tafi kan cewa uzurin ya haɗa har da wanda ya ji sunan Annabi amma abin da ya iso masa tun yana yaro gurɓataccen hoto ne. Wasu malamai ba su yarda da shi kan wannan faɗaɗawar ba, na kuma gaya wa yaron haka, don kada ya ɗauka magana ɗaya ce. Amma ya ishe shi ya san cewa hukuncin wane da wane a lahira ba a hannun kowa yake ba, kuma damuwarsa da adalci ba baƙuwa ba ce a cikin addinin. Na ga kafaɗunsa sun sauka.

Ta uku ce ba ta da gajeriyar hanya: to ni mece ce hujjata? Na ce masa wannan aikin watanni ne, wataƙila shekaru, kuma aikin da ya kamata ya yi ne ko da shakka ba ta zo ba. Kakanninmu suna da manhajarsa. Ummul Barahina ta Shehu Sanusi, malamin Tilimsana da ya rasu a 1490, ƙaramin littafi ne da aka yi ƙarnoni ana karantarwa a ƙasar Hausa, kuma aikinsa shi ne ya kawo sifofin Ubangiji guda ashirin ya kafa musu dalili na hankali. Ba na cewa kowace hujja a cikinsa za ta gamsar da ɗalibin kimiyya na yau, kuma na san akwai malamanmu da ba sa bin tafarkin ilimin kalam, suna ganin dalilan da Alƙur'ani ya kawo da kansa sun wadatar. Ko wanne mutum ya bi, abin lura shi ne neman dalili ba bidi'ar 'yan boko ba ce. Na shawarce shi ya ɗauki littafi ɗaya a gaban malami ɗaya, ya haɗa da karatun sira a tsanake, ya kuma rage kallon muhawarorin nan na waya. Bidiyon minti uku yana iya jefa shubuha goma, amsar kowace ɗaya kuwa tana son zaman mako. Wanda yake haɗiyar goma kullum yana warware ɗaya a wata, bashi ne zai yi masa katutu, sai ya zaci addinin ne ba shi da amsa alhali shi ne bai ba amsar lokaci ba.

Ya tambaye ni ko imaninsa yana nan a tsawon lokacin da yake binciken. Wannan ma an yi rigimarsa a ƙasar nan. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai wasu ɗalibai da suka ɗanɗani ilimin tauhidi suka shiga titsiye talakawa da tambayoyi, duk wanda ya kasa jero hujjoji a tsarin malaman kalam su ce ba Musulmi ba ne. Shehu ya yi ta rubuce-rubuce yana yaƙar wannan, yana kare imanin gama-garin mutane. Wanda bai kammala hujjojinsa ba bai fita daga addini ba. Kuma Alƙur'ani da kansa, a aya ta 260 ta Baƙara, ya ba da labarin Annabi Ibrahim yana roƙon a nuna masa yadda ake rayar da matattu, ba don bai yi imani ba sai don zuciyarsa ta natsu, aka kuwa nuna masa. Imani da neman ƙarin natsuwa suna zama a zuciya ɗaya. 'Yan'uwanmu Hausawa Kiristoci ma suna da nasu labarin a Linjilar Yohanna, na Toma da ya ce sai ya gani da idonsa, kuma ba a kore shi daga cikin almajiran ba.

Shi ya sa na ce masa kada ya ajiye salla yana jiran ranar da zai gama bincike. Da yawa nan suke zamewa. Suna ganin yin salla da tambaya a zuciya munafunci ne, sai su bari don su zama masu gaskiya, daga nan kuma su yanke da masallaci da abokan kirki, su rage daga su sai waya. Munafuki shi ne wanda ya yanke hukuncin ƙaryatawa yana nuna akasi. Mai neman gaskiya yana tsaye a sahu yana roƙon shiriya sau goma sha bakwai a yini ba shi da alaƙa da wannan. Gazali da kansa ya ce ba jeren hujjoji ne ya fitar da shi daga waccan rashin lafiya ba, wani haske ne Allah ya jefa a ƙirjinsa. Hujja tana share hanya, amma natsuwa ba a karatu kaɗai ake samunta ba.

Kashi na uku ba zan daɗe a kansa ba, ko da yake ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Yarinyar da wani mai rawani ya ci amanarta, yaron da aka yi wa dukan kawo wuƙa da sunan karatu, wanda mahaifiyarsa ta rasu bayan ya kwana arba'in yana addu'a. Waɗannan za su zo maka da tambayar falsafa, amma in ka amsa sai ka ga ba su ma saurara ba. Kada ka yi musu da su. Ka tambaye su yaushe abin ya fara, ka yi shiru ka ji. Sau da yawa a nan za ka ga bango ne ya tsage kafin ƙadangare ya shiga.

Saura maganar wa za a gaya wa. Rashin ɓoyewa ba shi ne shela ba. Mu faɗi gaskiya, a ƙasar nan kalma ɗaya da aka rubuta a dandalin sada zumunta, aka ɗauki hotonta aka yaɗa ba tare da abin da ya gabace ta ba, tana iya jawo wa mutum abin da ba zai iya kashewa ba, kuma mun ga inda aka rasa rayuka. Taron jama'a ba ya amsa tambaya, hukunci yake yankewa. Haka nan kada ka kwashe shubuharka ka juye wa ƙanenka ko abokin da bai fi ka sani ba, ka bar shi da kaya ka tafi. Mutum ɗaya ko biyu sun isa. Ka gwada malami da ƙaramar tambaya tukuna ka ga yadda zai yi. Idan ya fara da tambayar wa ya aiko ka, ka yi masa godiya ka nemi wani. Idan ya nemi ka ƙara bayani, ya faɗi inda malamai suka saɓa, ya iya cewa zai duba ya dawo maka, ka riƙe shi. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi arba'in da takwas ya ce bai sani ba a talatin da biyu daga ciki. Malamin da bai taɓa cewa bai sani ba, ban ga dalilin da zai sa a ba shi amanar zuciyar yaro ba.

Ba zan yi wa kowa alkawarin cewa kowace tambaya za ta rufu ba. Tawa ta ƙaddara na samu abin da ya ishe ni tsayawa a kai, amma akwai gefenta da har yau na bar wa Mai shi, kuma na daina ganin hakan a matsayin aibi, tunda likita ma yana aiki da abin da ya tabbatar alhali bai gama sanin jiki ba. Abin da nake dubawa shi ne ko tambayar ta taɓa ginshiƙi ne ko reshe. Ɗan yayata ya shiga wata na takwas yana karatu wurin wani dattijo a unguwarsu duk Asabar da Lahadi. Takardar nan tana nan a aljihunsa, ya soke biyu, ya ƙara wasu uku sababbi, yana kuma limancin sallar asuba a masallacin ɗakin kwanansu idan limamin ya makara. Har yanzu ɗaki ɗaya suke da abokin nasa.

Ku kuma iyaye da malaman Islamiyya, ranar da yaro ya tsuguna gabanku ya ce yana da wata tambaya amma yana jin tsoro, ku sani ya yi watanni yana tara ƙarfin halin faɗin wannan jimlar, kuma ku ya zaɓa ya bar waya. Don Allah ku bar shi ya kai aya kafin ku ce komai.